Darasi na Bakwai: Cire Koren Yadi da Goge Koren da Ya Rage a Jikin Mutum

A wannan darasi za mu yi aiki da manhajar Premiere Pro. Bidiyon da za mu gyara na wani dattijo ne mai farin gemu, sanye da farar shadda, an ɗauke shi yana tsaye dab da koren yadi.

Ka ɗora bidiyon dattijon a layin sama, hoton da kake so ya zama bango a layin ƙasa. Ka nemi Ultra Key a cikin Effects, ka ja shi kan bidiyon dattijon. A cikin Effect Controls, kusa da Key Color akwai ɗan tsinken ɗaukar launi. Ka taɓa yadin da shi a kusa da kafaɗar dattijon, inda koren bai yi haske sosai ba, bai kuma yi duhu ba. Nan take yadin zai ɓace.

Kada ka yarda da idonka tukuna. Ka je Output ka zaɓi Alpha Channel. Hoton zai koma baƙi da fari. Abin da ya yi fari shi zai tsaya, abin da ya yi baƙi shi zai tafi. Ana son dattijon ya fito fari tas, bayansa baƙi ƙirin. Idan ka ga toka-toka a bayansa, yawanci inuwa ce ko yamutsewar yadin da ba a yi wa guga ba. Ka ƙara Pedestal, wanda yake farawa daga 10, a hankali har tokar ta ɓace. Sai ka mayar da Output kan Composite.

Yanzu a tagar kallo ka ƙara girman hoton zuwa kashi 200, ka duba gefen kunne da gemu da kafaɗa. Za ka ga kore bai ƙare ba. Nan ne yawancin masu koyo ke ɓata aiki, domin koren nan iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko siririn zare ne da ya zagaye mutum, kamar an bi shi da alƙalami. Ragowar yadin ne, inda kyamara ta haɗa launin jiki da na yadi a wuri guda. Maganinsa Choke, a ƙarƙashin Matte Cleanup. Aikinsa ya ɗan yanke gefen mutum zuwa ciki. Ka ƙara kaɗan, ka tsaya da zarar zaren ya ɓace, sannan ka sa Soften kaɗan don kada gefen ya yi kama da yankan almakashi.

Na biyu haske ne. Fitila ta haska yadin, yadin ya mayar da koren haske kan dattijon, kamar yadda fuskar mai zama ƙarƙashin koriyar rumfa take ɗaukar launinta. Farar shadda mai sheƙi ta fi komai ɗaukar wannan haske, farin gemu ma haka. Ga yadda za ka gane shi: ba a gefe kawai yake ba, ya shiga cikin kafaɗa da kumatu. Idan ka ce da Choke za ka kore shi, sai ka cinye kunnen bawan Allah, ka aske masa gemu, kuma koren yana nan a kafaɗarsa. Na sha ganin haka, kuma yana ba ni takaici, domin aikin minti biyu ne.

Maganinsa yana ƙarƙashin Spill Suppression. Ba ya yanke komai, launin yake gyarawa. Spill yana farawa daga 50. Ka ƙara shi kana kallon kafaɗar har shaddar ta koma fara. Idan ka wuce gona da iri, farin zai karkata zuwa ruwan hoda, domin shi ne kishiyar kore. Da ka ga haka, ka dawo baya. Desaturate kuma yana rage ƙarfin launin da ya rage, amma idan ya yi yawa gefen fuska zai yi toka kamar an shafa masa habɗi. Idan inda ka gyara ya fi sauran rigar duhu ko haske, ka daidaita da Luma.

Akwai abin da waɗannan ba za su gyara ba. Idan hular dattijon tana da koren zare, manhajar za ta ɗauke shi a matsayin yadi, sai ka ga bango ta cikin hular. Shi ya sa ake dubawa tun kafin ɗauka. Mutum ya cire duk wani kore, ya tsaya kimanin mita 2 daga yadin, a haska yadin daban, shi ma daban.

Aikin gwaji: ka ɗauki abokinka sau biyu cikin farar riga, sau ɗaya jingine da yadin, sau ɗaya taku uku a gaba. Ka gyara duka biyun, ka rubuta a littafinka lambar Spill da kowanne ya buƙata.