Yadda Ake Fitar da Ankon Suna Ba Tare da Launi Ya Bambanta Ba

Tsakanin haihuwa da suna kwana bakwai ne kacal, kuma babu telan da zai ɗinka wa mutum goma kaya masu kyau a cikinsu. Saboda haka tun ciki yana wata takwas ake sayen anko, ko da kuwa a asirce ne don gudun surutun dangi.

Ki fara da lissafi kafin ki taka kasuwar Taminus ta Jos. Turmin atamfa yadi shida ne, ya ishi babbar mace riga da zani da ɗankwali. Yarinya 'yar shekara bakwai zuwa goma yadi uku ya ishe ta. A ce kuna da manya shida da 'yan mata huɗu: turmi shida da biyu, takwas ke nan. To ki sayi tara.

Na taran nan shi ne abin da na fi so ki riƙe. A sunan ɗan ƙanwata daidai adadi muka saya, sai ga gwaggonninmu biyu daga Bukuru sun ce su ma suna ciki. Na koma shagon, na samu zanen iri ɗaya sak, na biya. Ashe sabon kaya aka sauke, shuɗinsa ya fi namu turuwa. A cikin shago ido bai kama ba, amma da muka jeru a tsakar gida za a ɗauki hoto, sai ka ce 'yan gida biyu ne. Don haka duka a saya rana ɗaya a hannun mutum ɗaya, kuma ki fito da su waje ki jera a hasken rana, kar ki yarda da ƙwan lantarkin shago. In dole sai an ƙaro, tafi da ƙyalle a hannu, hoton waya ƙarya yake yi. Ki kuma jiƙa ɗan ƙyallen a ruwa da sabulu. In ruwan ya rine, atamfar mai zuba ce, arharta ba ta da amfani.

Maza ban yarda a sa musu atamfa ba. A zaɓi launi ɗaya daga cikin zanen a saya musu shadda, yadi biyar riga da wando. Mayafan mata ma launin nan za su bi.

Kowa ya kai nasa ɗinkin da wuri, ya zaɓi abin da ya dace da jikinsa, amma ban da mai jego. Awon da aka yi mata da ciki ba zai zauna ba. Ta bari sai ta sauka, a yi mata bubu ko riga mai zif a gaba saboda shayarwa, kuma a kama telan tun da wuri. In sunan ya faɗo a Disamba, a yi wa yara dogon hannu da ɗan yalwa yadda rigar sanyi za ta shiga ciki, don sanyin Jos ba ya ragowa.