Yadda ake rubuta wasiƙar ɗaukar nauyin mahaifiya mai neman bizar ziyara zuwa Birtaniya

Jami'in da zai duba takardun Hajiya bai san ta ba, bai san ka ba, bai kuma taɓa taka Argungu ba. Abin da ke gabansa shi ne fom, wasiƙarka da takardun da kuka haɗa. Don haka duk maganar da ka sa a wasiƙar, ka tabbatar akwai takardar da za ta tsaya mata. A ce kai ma'aikacin jinya ne a Birmingham, kana son mahaifiyarka, malamar firamare da ta yi ritaya, ta zo ta yi mako 6.

Da Turanci za ka rubuta, shafi ɗaya ya wadatar. A sama ka sa kwanan wata, cikakken sunanka, adireshi da lambar waya, sai irin izinin zaman da kake da shi. Sunan Hajiya, ranar haihuwarta da lambar fasfonta kuwa ka kwafe su harafi da harafi daga fasfon.

Daga nan sai dangantaka. Cewa "mahaifiyata ce" bai isa ba, ka haɗa da takardar haihuwarka ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa wadda ke ɗauke da sunanta. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Takardar haihuwa ta ce A'ishatu Muhammadu, fasfo ya ce Aisha Mohammed Argungu, takardar fansho kuma tana da sunan mijinta. Mu mun san mutum ɗaya ce, shi kuwa mata uku yake gani. Ka yi bayanin bambancin a layi biyu, ita kuma ta karɓo takardar rantsuwa daga kotu. Duk takardar da ke da Hausa ko Larabci sai an fassara ta, mai fassarar ya sa sunansa, sa hannunsa da kwanan wata.

Batun kuɗi lissafi yake so. Ka faɗi inda kake aiki da abin da ke shigo maka, sannan ka bayyana wa zai biya me. Misali: albashina bayan haraji fam 2,300 ne a wata, haya da sauran hidimar gida suna cin 1,500, ina da ajiyar fam 4,000. Ni zan biya tikitin zuwa da dawowa, a gidana za ta sauka, ci da zirga-zirgarta na mako 6 kimanin fam 600 ne. Ka haɗa da takardun albashi, bayanan asusun banki na wata 6 da yarjejeniyar hayar gida. Adadin da ke wasiƙa dole ya zo daidai da wanda aka cika a fom ɗinta.

Ina roƙon ka, kada ku ranto kuɗi ku zuba a asusun Hajiya ana saura kwanaki a miƙa takardu. Asusun da ya saba ganin fansho kaɗai, kwatsam miliyoyi suka faɗo, shi ne abu na farko da zai ɗauki idon jami'in. In kuɗin shinkafar da ta sayar ne, a nuna rasit. In kai ka tura, ka faɗa, ya kuma fito a naka bayanan bankin. Rashin kuɗi mai yawa a asusunta ba laifi ba ne tunda kai ne mai ɗaukar nauyi. Takardar bogi kuwa tana iya jawo mata haramcin shiga ƙasar har na shekara 10.

Sashen da ya fi nauyi shi ne dalilin komawa gida, domin alkawarinka na cewa za ta koma ba hujja ba ce. Rayuwarta a Kebbi ita ce hujjar. Ka rubuta cewa za ta zo ranar 1 ga Oktoba, ta koma 12 ga Nuwamba, saboda tana da gonar shinkafa a fadama kuma shirin noman rani na jiran ta. Ka ambaci fanshon da take karɓa, gidanta, maigidanta da ke nan Argungu, da autarta da ke makaranta wadda ita ke kula da ita. Kowanne da shaidarsa: takardar gona ko ta gida, shigar fansho a banki, rasit ɗin kuɗin makaranta. Bizar ziyara tana ba da damar zama har wata 6, amma mai cewa gona na jiran ta sannan ta nemi wata 6 cur ta warware maganarta da kanta.

Ka kuma kula da yadda kake faɗin dalilin zuwan. "Za ta zo ta riƙe mana yara mu samu zuwa aiki" yana kama da aikin reno, alhali wannan biza ba ta aiki ba ce. In ziyara ce da ganin jikoki, haka za ka rubuta.

In an taɓa hana ta biza, ko ta wace ƙasa ce, a bayyana a fom, kai ma ka taɓo abin da ya sauya tun daga lokacin. Ka sa hannu, ka tura wa Hajiya kwafi, a zauna a karanta mata shi da Hausa kafin ta tafi Abuja a ɗauki hoton yatsunta. Ana iya miƙa buƙatar tun ana saura wata 3 a yi tafiyar, amsa kuma takan fito cikin kimanin mako 3, don haka kada ka sayi tikiti sai bizar ta fito.