Yadda na gyara: mota tana Balad, adireshi yana cewa kudu

Kawuna yana da motocin kai kaya a Jidda, ni ke kula da na'urar bin sawunsu. Na rubuta ɗan shiri da ke tura lambobin wuri zuwa Nominatim, sabar neman adireshi ta taswirar OpenStreetMap, ya maido da sunan titi da unguwa. Ran nan direba ya rantse yana kusa da Balad, tsohuwar unguwar Jidda, adireshi kuwa ya jefa shi can kudancin gari. Har kawu ya fara faɗa.

Ashe laifina ne. Ga abin da na'urar ta aiko:

```
2129.148,N,03911.550,E
```

Na raba da 100, na samu 21.29148. To, tsarin NMEA, wanda na'urar GPS ke rubuta wuri da shi, ba haka yake ba: 21 digiri ne, 29.148 kuma mintoci, da 60 ake raba su. Sai ya zama 21.4858, ɗayan kuma 39.1925. Kuskuren ya ja motar kusan kilomita 22 kudu, tunda digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne.

Abin da ya tona asirin: na duba bayanan mako guda, lambobi biyun da ke zuwa kafin ɗigo ba su taɓa wuce 59 ba. Mintoci ke nan. Ga abin da nake tura wa Nominatim bayan gyara:

```
/reverse?lat=21.4858&lon=39.1925&format=jsonv2&zoom=17&accept-language=ar
```

Na zaɓi `zoom=17` don ya tsaya kan titi. 18 kan kawo sunan gini ko shagon da ke gefe, direba ya ce bai san shi ba. Sabar kyauta buƙata ɗaya take yarda a daƙiƙa, don haka idan mota tana tsaye, tsohuwar amsa nake maimaitawa.

Kawu dai ya ba direba haƙuri.