Ka shiga sabon gida a Yamai, faktir ta zo da bashin wanda ya tashi: kurakuran da aka fi yi

Dan Allah duk mai shirin tashi ya karanta wannan kafin ya miƙa wa mai gida ko dillali kuɗin kosiyo, don abin yana cin mutane sosai. Za ka samu gida a Talaje ko Bukoki, ka yi fenti, ka kwashe kaya, wata bai cika ba sai ga faktir ta NIGELEC ko ta ruwa da jika saba'in ko tamanin, kai ko firigo ba ka jona ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, bashin na wanda sunansa ke kan abonema ne, amma in aka zo yankewa kontar ake yanke wa, kuma kontar ɗin yana jikin bangon da kai kake kwana a ciki. Mai bashin ya tafi abinsa, kai ne za ka kwana cikin zafi.

Kuskure na farko, kuma shi ne babba, mutum ya shiga gida bai karanta kontar ba. Ranar da aka ba ka makulli, kafin ka kunna ko ƙwai ɗaya, ka tsaya gaban kontar ɗin tare da mai gida ka ɗauki foto yadda lambar indes, wato mai nuna yawan abin da aka sha, da lambar kontar ɗin kansa za su fito tsaf, ka yi haka a na ruwa ma, shi sau da yawa yana ƙasa kusa da ƙofar gida, ƙasa ta rufe gilashin, sai ka goge da hannu kafin lambar ta fito. Ka tura wa mai gidan foton nan take ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna, kuma a rubuta lambobin a takardar haya ku sa hannu ku biyu.

Ga amfaninsa. A ce ka shiga ranar 12 ga Maris, fotonka ya nuna 8420. Faktir ta zo, tsohon indes 8300, sabo 8500, wato kilowat 200 aka sha, kuɗin watan jika 20, sannan ga tsohon bashi na jika 65 da aka ɗoro a kai, jimla jika 85. To daga 8300 zuwa 8420 kilowat 120 ne, na wancan ne, naka 80 kacal. In kun raba kuɗin watan bisa wannan, shi jika 12, kai jika 8. Ke nan cikin jika 85 naka 8 ne, 77 ba ruwanka da su. Amma in babu foton nan, da me za ka kafa hujja? Sai a yi ta rantse-rantse a ƙofar gida, ƙarshe a ce ku raba biyu don a zauna lafiya.

Wanda ya riga ya shiga bai ɗauki foto ba, bai rasa duka ba. Tsohon bashin nan na watannin da suka wuce ne, takardar hayarka da resin kosiyo sun isa su nuna ba ka cikin gidan a lokacin. Watan da kuka haɗa ne kawai za a raba da ƙirgen kwanaki.

Wani kuskuren kuma, a nuna maka resi ɗaya a ce "ga shi na watan jiya an biya" kai kuma ka yarda. Biyan faktir ta ƙarshe ba ya nufin babu tsofaffi a baya, mutum na iya biyan sabuwa ya bar biyu ko uku kwance. Ɗauki lambar abonema da ke kan tsohuwar faktir ka je ajans da kanka, ka ce a gishe a duba maka duk abin da ake bin wannan kontar, wata-wata, kuma ka roƙi a fitar maka a takarda. Na ruwa haka nan, yanzu NDE ce ke riƙe da shi tun 2024 bayan SEEN, kuma sauya kamfani ba dalili ba ne na ɗauka cewa tsohon bashi ya mutu. Mai kontar na kati shi ma ya tambaya, kar ya ce ai tunda sai an saya ake sha babu bashi, a duba masa ko akwai wani abu da ke rataye da lambar tun lokacin tsohon kontar.

A ajans ɗin ne za ka ga sunan waye a kan abonema, kuma daga nan hanya take rabuwa. In sunan mai gida ne, maganarka da shi ce kai tsaye, shi ya biya ko ya cire daga kosiyon wanda ya tashi, ai don irin wannan ake riƙe kosiyo. In sunan wanda ya tashi ne, shi ya kamata ya je ya rufe abonemansa ya biya abin da ya rage, kai ka buɗe naka da katin shaidarka da takardar haya. Mutane da yawa suna barin sunan wancan don gudun kuɗin buɗewa da bin layi, shekara da shekaru suna biya da sunan wanda ba su ma taɓa gani ba, ranar da rigima ta tashi kuma a gishe a ce musu ba su ne masu abonema ba.

Sai wanda ya fi ba ni tausayi, mai kunya. Mai gida ya ce "yi haƙuri ka biya, ma daidaita daga baya", shi kuma don ganin girman Alhaji ya je ya zuba jika 85 baki alaikum. Wani lokaci biyan ya zama dole, musamman in an riga an yanke ga yara ga zafin Afrilu, ban ce kar ka biya ba. Amma kafin ka biya ka ce, "Alhaji, zan biya don kar yara su wahala, sai dai a rubuta cewa jika 77 za a cire min a haya." In hayarka jika 40 ce, a rubuta wata na farko ba ka biya, na biyu ka kawo jika 3, a sa hannu gaban shaidu biyu, kuma resi na asali ya zauna a hannunka, shi ka ba shi kofi. Wannan ba rashin ladabi ba ne, mai gida na kirki ma ya fi samun kwanciyar hankali da shi.

Akwai kuma kishiyarsa, mai cewa wallahi ko dala ba zai biya ba tunda ba shi ya sha ba, sai ya jefa faktir a durowa har nasa ma ya ƙi biya. Wata biyu bashin ya cakuɗe, naka da nasa ba a iya rabewa, a yanke, ga kuɗin mayarwa ya hau kai. Je ajans da fotonka da takardar haya tun faktir ta farko, ka rubuta ƙorafi ka sa a buga maka hatimi a kofinka, ka nemi a karɓi kuɗin abin da ka sha, in bashin ya yi nauyi ka tambaya ko za a yarda a biya shi kashi-kashi. In an yanke kuwa, kar ka kuskura ka kira wani ɗan unguwa ya maido maka da wuta cikin dare ko ya taɓa hatimin kontar, wannan laifi ne mai tara, kuma shi kam naka ne kai kaɗai, ba na wanda ya tashi ba.

Gidan haya mai ɗakuna da yawa da kontar ɗaya ya fi wuyar sha'ani, don ba indes naka kai kaɗai. Tun kafin ka shiga ka tambayi maƙwabta waye ke tara kuɗin, yadda ake rabo, da ko wanda ya bar ɗakin ya biya kasonsa na watan ƙarshe. In bai biya ba, a faɗa wa mai gida a gaban kowa tun ranar, kar a jira ƙarshen wata a ɗora wa ɗakin.