Yadda ake amfani da taya ranfilat a Legas, da yadda za ka gane ko ta cancanci kuɗinta

Yawancin 'yan uwanmu da ke sayen BMW ko Marsandi tokumbo a Legas ba sa sanin taya ranfilat ce a ƙafar motar sai ranar da suka buɗe but suna neman safaya, su tarar babu ita, babu jak, babu ma ramin da ake ajiye ta. Na ga wanda ya koma wajen dillali yana faɗa wai an sace masa safaya a tashar jirgin ruwa. Ba a sace ba, haka motar ta fito daga kamfani.

Taya ta yau da kullum iska ce ke ɗauke da nauyin mota, robar riƙe iskar kawai take yi. Iska na fita, gefen tayar ya lanƙwashe, rim ya zauna a kansa ya yanka shi. Ita ranfilat an ƙara wa gefenta roba mai kauri da tauri daga ciki, wadda za ta iya ɗaukar motar ko da babu iska ko kaɗan. Amma na ɗan lokaci ne. Abin da akasarin kamfanoni ke rubutawa shi ne kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Dalili zafi ne: duk juyin da tayar ta yi ba iska, wannan roba mai kauri tana lanƙwashewa tana miƙewa, tana ɗaukar zafi, tana cin kanta daga ciki. Don haka abin da ka saya da ƙarin kuɗinka tafiya ce guda ɗaya zuwa inda za ka tsaya lafiya. Ba taya ce da ƙusa ba ta huda ta ba.

Mataki na farko, durƙusa ka karanta jikin tayar, duka huɗun. Kowane kamfani da alamarsa: Bridgestone na rubuta RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST ko ROF, Pirelli kuma ta kan rubuta RUN FLAT ɓaro-ɓaro. A tayoyin BMW za ka ga RSC cikin da'ira, a na Marsandi MOE. Na ce duka huɗun domin motar tokumbo sau da yawa ta kan zo da gauraye, biyu ranfilat biyu na gama-gari, mai ita na can yana tinƙaho da abin da ba shi da shi.

Na biyu, tabbatar na'urar da ke gargaɗin raguwar iska tana aiki. Ranfilat ko iskarta ta ƙare kaf, da ido ba lallai ka gane ba, tana nan tsaye kamar lafiyarta ƙalau. Fitilar dashbod mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya ita ce kaɗai za ta gaya maka. Wasu motocin suna da sensa a gindin bawul ɗin kowace taya, mai batir a ciki da ke mutuwa bayan wasu shekaru. Wasu kuma, kamar tsofaffin BMW da yawa, saurin juyawar ƙafafun suke kwatantawa, shi ya sa duk lokacin da aka ba taya iska sai an sake saita na'urar. Gwajin ba wuya: a cikin gida ka rage wa taya ɗaya kamar kashi ɗaya cikin uku na iskarta, ka ɗan zaga unguwa a hankali na 'yan mintuna. In fitila ba ta kama ba, ka mayar da iskar ka nufi wajen mai gyaran wayarin. In kuwa fitilar dama kullum a kunne take har ka saba da ita, ko wani makanike ya kashe maka ita don kada ta dame ka, to a wajena ba ka da ranfilat, taya mai tsada kawai kake da ita.

Na uku, ranar da fitilar ta kama a hanya. Ɗaga ƙafa daga totur, kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kwana mai kaifi. Sannan ka dubi lambar kilomita a dashbod ka riƙe ta a ka, ko ka ɗauke ta hoto idan ka tsaya, domin daga nan lissafinka ya fara. Ni ban wuce gudun 60 ba a irin wannan hali, kuma in motar cike take da mutane da kaya ina ɗaukar cewa rabin tazarar nan ta 80 kawai nake da ita. A nan ne ranfilat ke biyan kuɗinta a garin nan. Gadar Third Mainland ta kusa kilomita 12, kuma babu mai hankalin da ke son ya durƙusa yana kwance noti a kanta da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Amma hanyar Legas zuwa Ibadan ta haura kilomita 120, saboda haka in ta same ka a Berger, a bakin fita daga Legas, kada ka ce bari in ƙarasa.

Mataki na huɗu shi ne inda na ci ƙasa, kuma inda na ga kusan kowa na ci. Wani dare na taso daga Obalende zan koma gida Agege, fitila ta kama ina tsakiyar gada. Na lallaɓa har gida, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba, ina ta yabon tayar a raina. Da safe na dube ta, tana tsaye. Sai na ce ai da sauran kilomita 50 a hannuna, na kai yara makaranta, na biya Mile 12 na loda buhun albasa da na shinkafa, sai da yamma na tsaya wajen mai faci a bakin titi. Ya zuba ruwan sabulu, ya sami ƙusa a tsakiyar tayar, ya zare ta, ya cusa igiyar faci daga waje ba tare da ya cire tayar daga rim ba, ya ba ta iska. Ya ce, “Alhaji, an gama, ka je ka yi shekara.” Na biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na tafi ina jin na yi wayo.

Bayan mako biyu sitiyari ya fara rawa in na kai gudun 70. Da aka ɗaga motar sai ga ƙullutu kamar ƙwan kaza a gefen tayar na ciki, ɓangaren da ba a gani. Da aka cire ta a inji, cikinta cike da baƙin gari kamar an daka gawayi, fatar cikin kuma ta yi tamoji ta tsattsage a zagaye. Wannan garin robar gefen ce da ta cinye kanta ranar da na yi ta yawo da albasa. Facin ƙusa bai taɓa yoyo ba, tayar ce ta riga ta mutu kafin a yi shi.

Saboda haka dokata ita ce, ranfilat da aka yi tafiya a kanta ba iska ba a yi mata faci daga waje. A cire ta a duba cikinta da tocila. In ka ga baƙin gari, ko tamoji, ko wurin da launin robar ya sauya kamar ya ƙone, ta tafi, kada ka saurari kowa. In cikin fes yake, hujin a tsakiyar inda ke taka ƙasa ne, bai wuce milimita 6 ba, kuma ka lura da wuri tun da sauran iska, ana iya yi mata faci daga ciki. Ko a hakan wasu kamfanonin ba su yarda a gyara ranfilat ɗinsu ba sam. Huji ko yanka a gefe kuwa babu magana.

Kuma a cire ta da inji. Gefen nan mai tauri ba ya jin lallashin ƙarfe da guduma. Mai facin bakin titi zai yi ta dukanta har ya yage bakin tayar, ya kankare rim, ko ya fasa sensar da ke gindin bawul, ka shiga wata asarar. Tun kafin ranar tsiya ka nemi shagon taya mai inji kusa da gida da kusa da wajen aiki, ka tambaye su ko suna da lambar tayarka a ƙasa.

Wannan darasin ne ya sa ba na sayen ranfilat tokumbo. A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, za ka same su jibge, haƙoransu da kauri, farashi da sauƙi. Lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT a jikin tayar za su gaya maka shekarunta, misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, amma babu lambar da za ta gaya maka ko wani ya riga ya cinye kilomita 80 ɗinta a can ƙasar da ta fito, an share garin an goge ta da mai. In dole ce ta sa, ka sa hannu ka shafa cikinta kewaye kafin a ɗaura.

Batun tauri gaskiya ne, ba ƙorafin banza ba. Taya mai lamba 225/45 R17 tsayin gefenta bai fi santimita 10 da ɗan kai ba, in aka ƙara masa tauri, bugun rami yana wucewa kai tsaye zuwa rim da bushin da shokazoba da bayanka. A damina, lokacin da ruwa ke rufe ramukan Apapa da Oshodi, rim na lanƙwashewa ko ya tsage, ita ma tayar tana yin ƙullutu kamar kowace taya. Sai dai kafin ka zage ta, auna iskarta da safe da gejinka na kanka. Masu faci da yawa 40 ko 45 suke dura wa kowace mota, alhali takardar da ke manne a jikin ƙofar direba wataƙila 32 ko 35 ta ce. Rabin taurin da mutane ke kuka da shi daga nan yake.

To, ta cancanci kuɗin? In kana yawan tafiyar dare, ko uwargida ce ke tuƙa motar da yara, hanyarka kuma gada ce da titunan Ikoyi da Lekki masu ɗan kyau, sensarka na aiki, kuma za ka iya sayen sabuwa ranar da ta mutu ba tare da ka ci bashi ba, ka bar ta. In hanyarka ramuka ce kullum, ko kana yin doguwar tafiya zuwa Arewa inda za ka yi ɗaruruwan kilomita ba ka ga shagon da ke da lambar tayarka ba, koma taya ta gama-gari. Rim ɗinka zai karɓe ta. Amma ka canza huɗun gaba ɗaya, in aljihu bai kai ba to biyu-biyu, gaba tare ko baya tare, kada dama ta zama iri ɗaya hagu wani iri. Ka sayi safaya da jak da sifanar taya a ranar, ka gwada safayar a jikin motar tun a shagon don ka ga ramukan noti sun dace kuma ba ta gogar birki, ka kuma haƙura da kusan rabin but ɗinka. Jami'an hanya ma sukan tambayi safaya, kuma bayanin ranfilat a bakin titi da rana tsaka ba kowa ke da haƙurin saurarensa ba. Ni tawa motar yanzu tayoyin gama-gari ne a ƙafarta, safaya na kwance a but, buhun albasa kuma a kujerar baya.