Kafin ku yanka kasafin ginin aji, ku nemi bil tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa, masu kwamitin gina islamiyya ko ƙarin ajujuwa a unguwa, don Allah ku daina dogaro da magini ya leƙa fili kawai ya ce miliyan kaza zai ci. Ku kai zanen ginin wajen kwantiti sabeya, masanin lissafin kayan gini da kuɗinsu, ya fitar muku da bil, wato takardar da ke jera kowane aiki da adadinsa da farashinsa tun daga haƙan fandisho har fenti, a kanta za ku ɗora kasafi.

Ga misali, aji mai tsawon mita 9 da faɗin 7, tsayin bango mita 3. Kewayensa 32, sau 3 ya ba da murabba'in mita 96, a cire kamar 12 na ƙofa da tagogi saura 84. Bulo inci tara guda 10 ke cika murabba'in mita ɗaya, kenan 840, a ƙara kashi 5 cikin ɗari na fashewa ya kama wajen 880, ban da na fandisho. To in ɗan kwangila ya rubuta 1,500 sai ya faɗi inda sauran za su shiga.

Adadi ba ya motsi sai an taɓa zane, farashi kuwa kullum tafiya yake, don haka bil ɗin da ya yi wata uku ku leƙa kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ku sabunta kuɗin rodi da siminti. Sannan ku duba abin da babu a ciki, sau da yawa ba a sa benci da kuɗin izinin gini na hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, ku ba su layinsu daban, ku kuma ware kashi 10 na ko-ta-kwana.