Darasi na Huɗu: Turkar Rago a Bayan Gari

Mutumin da yake zaune a gefen gari, a Katsina ko Daura, yana da sana'o'in da zai iya yi ba tare da wutar lantarki ko hayar shago ko intanet ba, kamar kiwon kajin gida, da rainon itatuwan dashe, da sayar da harawa. Wannan darasi zai tsaya ne a kan guda ɗaya, wato turkar rago domin Babbar Sallah, saboda abin da take bukata shi ne 'yar rumfa a cikin gida, da turke, da komin zuba abinci, da ruwa. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, ribar turka ana tsara ta ne tun a ranar sayen rago da lokacin tanadin abinci; ranar sayarwa sakamako kawai ake gani.

Ana yin Babbar Sallah ranar 10 ga Zulhajji, kuma rago yana bukatar kimanin kwana 90 a turke kafin ya yi ƙibar da za ta biya wahala. Saboda haka wanda ya ɗaure ragonsa a farkon azumin Ramadan zai fitar da shi kasuwa a makon farko na Zulhajji. Sai dai a waɗannan shekaru wannan lokaci yana faɗowa ne a ƙarshen rani da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare a daji, harawa kuma ta yi tsada. Mai dabara yakan sayi harawar wake ko ta gyaɗa tun da kaka, a watan Oktoba ko Nuwamba, ya bar ta ta bushe sarai, sannan ya jibge ta a kan rumfa ko a ɗaki inda gara da laima ba za su taɓa ta ba. Harawar da ta yi fumfuna ba a ba dabba, ko da an saye ta da tsada.

Idan an shiga kara, ko ta Mai'aduwa ce ko ta Mashi, kada a nemi ragon da ya riga ya yi ƙiba, domin mai shi ya gama cin ribarsa. A nemi mai tsawo da faɗin ƙirji da manyan ƙasusuwa, wanda yunwa ce ta ramar da shi ba ciwo ba. Ana rarrabe su da ido da hannu. Rago mai lafiya yana tsaye da ƙafafunsa huɗu sosai, yana tuƙa, hancinsa babu majina, bayansa babu alamar zawo. A ja fatar idonsa ta ƙasa a duba cikinta: idan ja ce, yana da jini, idan kuwa ta yi fari, to tsutsar ciki ko ciwon hanta ya ci ƙarfinsa, musamman idan akwai kumburi a ƙarƙashin haɓarsa. Daga nan sai a buɗe bakinsa. Tumaki ba su da haƙoran gaba a sama, saboda haka na ƙasa ake dubawa. Idan an ga manyan haƙora biyu a tsakiya, sauran kuma ƙanana, ragon ya yi famfara, ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma irinsa ne ya fi karɓar kiwo. Wanda haƙoransa suka zaizaye ya tsufa, zai ci abinci mai yawa ya ƙara nama kaɗan. Tun da domin layya ake kiwon, a guji gurgu da mai ido ɗaya, duk arahar da dillali zai yi, domin masu saye ba za su karɓe su ba. Balami da Uda sun fi girma da tsada, sun kuma fi cin abinci. Mai ƙaramin jari ya fi kyau ya fara da Ɗan Ƙasa.

Da an kawo rago gida, a ware shi daga sauran dabbobi na mako biyu, domin akwai wata cuta mai yaɗuwa tsakanin tumaki da awaki, wadda malaman dabbobi suke kira PPR, tana zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, kuma sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta. A kira malamin dabbobi ya ba shi maganin tsutsa gwargwadon nauyinsa, ya yi masa rigakafi, ya kuma duba kaska.

Ragon da nauyinsa ya kai kilo 30 yana cin busasshen abinci kimanin kilo ɗaya da 'yan kai a yini. Kashi biyu cikin uku ya zama harawa, ragowar kuma dusa da ɓawon wake, a raba masa safe da yamma, tare da ɗan gishiri da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa. Wanda ba shi da sikeli zai iya auna dusar sau ɗaya a wurin mai sayar da hatsi, ya yi wa kwanonsa alama.

A wurin dusa ne masu farawa suka fi yin asara. Ragon da ya saba da ciyawar daji, idan aka cika masa komi da dusa ko tsaba a rana ta farko, cikinsa zai ɓaci, ya daina tuƙa, ya kama zawo, wani lokaci gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kuma yana iya mutuwa a cikin yini ɗaya. Saboda haka a fara da ɗan ƙanƙani, a riƙa ƙarawa a hankali har tsawon mako biyu. Akwai kuma wata illa da ba ta bayyana da wuri: yawan dusa tare da ƙarancin ruwa yana haifar wa rago tsakuwa a mafitsara, sai a ga yana yunƙurin fitsari yana ɗigowa kaɗan-kaɗan ko ya tsaya gaba ɗaya. Wannan ba abin jira ba ne, sai a kai shi asibitin dabbobi nan take. Mazaunin bayan gari kuma ya kula da leda, wadda iska take kwasowa daga juji. Ragon da yake haɗiyar leda yana ramewa a hankali alhali cikinsa yana da girma, kuma babu maganin sha da yake narkar da ita. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba a sakin ragon turka ya yi yawo.

Yanzu sai a ɗauki alƙalami a yi lissafi. Kuɗaɗen da ke tafe misali ne na koyo, kowa ya sauya su da farashin kasuwarsu. A ƙaddara wata mata a gefen Daura ta sayi rago a kan Naira 100,000. A kwana 90 zai ci harawa kimanin kilo 70 da dusa kimanin kilo 35. Ta sayi harawar da kaka a kan Naira 20,000, dusa Naira 15,000, magani da gishiri da kuɗin mota da la'adar dillali kuma Naira 10,000. Jimilla ta kashe Naira 145,000. Idan kiwon ya yi kyau ragon zai ƙara kimanin kilo 10, idan kuma ta sayar da shi Naira 180,000, ribarta Naira 35,000 ce, ban da takin da za ta sayar wa manoma. Da a ce ta jira sai bazara ta sayi harawar a kan ninkin kuɗinta, da ribar ta koma Naira 15,000. Haka nan kowane mako da ragon ya ƙara a turke yana cin kusan Naira 2,700 daga cikin ribar, shi ya sa ba a so ya kwana a hannu har bayan Sallah, lokacin da farashi yake faɗuwa.

Domin guje wa wannan, a fara neman mai saye tun a watan Zulƙida daga cikin maƙwabta da 'yan'uwa, domin cinikin gida babu kuɗin mota babu la'ada. Idan an yi wa ragon allura ko an ba shi magani gab da Sallah, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a yanka, a kuma gaya wa mai saye, domin maganin yana ɗaukar kwanaki kafin ya fita daga cikin naman.